Wayar da Ke Ƙidaya Loma

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi ɗan bayani a kan wasu manhajoji na wayar hannu waɗanda ake cewa suna ƙidaya wa mutum abin da ya ci. Ɗaya daga cikin sanannunsu ita ce MyFitnessPal, wadda ta fito a 2005. Ko da yake ba a barinmu da waya a makaranta, lokacin hutu da yawa daga cikinmu mun gan su.

Abin da suke ƙidayawa shi ne kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Kamar yadda muka koya a aji, giram ɗaya na sitaci ko na abinci mai gina jiki yana ba da kalori 4, amma giram ɗaya na mai yana ba da 9. Ita manhajar ba ta auna kome. Jerin sunayen abinci ne a cikinta, kowane da lambarsa. Kai ne za ka faɗa mata abin da ka ci da yawansa, ita kuwa ta yi lissafi. To, a nan gizo ke saƙa.

Bari mu ɗauki shinkafa da mai da yaji. A ce an zuba wa yaro faranti guda, giram 300. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana da kalori wajen 130, saboda haka farantin ya kama 390. Amma ɗanyar shinkafa giram 100 tana da wajen 360, domin ba ta sha ruwa ta kumbura ba tukuna. Idan yaron ya kuskure ya taɓa wadda aka rubuta wa "raw" maimakon "cooked", sai wayar ta nuna masa 1,080. Faranti ɗaya ne, amma lissafi ya kusa ninkawa sau uku, kuma wayar ba za ta ce masa uffan ba.

Sai kuma mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana da kalori wajen 120. In cokali biyu aka zuba, farantin ya zama 630. In huɗu ne, ya zama 870. Wa ya taɓa tsayawa ya ƙirga man da kuku ya zuba a tukunyar mutum ɗari? Ko manhajar da ake ɗaukar hoton abinci da ita ba ta ganin man da ya shige cikin shinkafa. Tuwo da miyar kuka kuwa sun fi wuya. Sau da yawa ba a samun su a jerin, in ma an samu, wataƙila wani mai waya ne kamarka ya shigar da lambar da ka. Balle a gida, inda mu huɗu ke sa hannu a kwano ɗaya. A ganina, lambar nan ƙiyasi ce kawai, ko da an rubuta ta dalla-dalla kamar sakamakon jarrabawa.

Ban ce ba su da amfani sam ba. Babban mutum wanda likita ya ce ya rage ƙiba, in ya rubuta abincinsa na mako biyu, zai iya gane cewa lemon kwalba da sukarin shayi ne ke cutarsa. Amma manya aka yi wa su. Mu jikinmu yana cikin girma, ƙashi yana miƙewa, ga wasanni da aikin safe. Adadin da waya za ta yanka wa mai son ramewa yana iya kasa wa ɗan shekara goma sha shida ƙwarai.

Yaushe ƙidaya ke zama cuta? Idan yarinya ta ƙi cin abincin gidan biki don ba ta san lambarsa ba. Idan lamba ta haura sai ta ji kamar ta yi zunubi, ta ƙi cin tuwon dare, ko ta fita gudu wai don ta biya bashi. Idan kuma kullum tana ƙara rage adadin, tana murna. Daga nan jiki kan fara nunawa: jiri in an miƙe tsaye, jin sanyi ko da zafi ake yi, zubewar gashi, rashin fahimtar karatu, ga 'yan mata kuma al'ada ta ɗauke. Wannan kan kai ga ciwon ƙin cin abinci da likitoci ke kira anoreksiya, wanda yakan raunana zuciya har ya yi kisa. Maza ma yana kama su.

Abin da ya sa na ambaci iyaye da abokan ɗaki shi ne, mai wannan hali ba ya ganin kansa a matsayin maras lafiya, kuma yakan ɓoye, ya ce ya riga ya ƙoshi. Tsawa ko ba'a ba sa sa shi ci. Wanda ya ga abokinsa yana miƙa wa wasu rabonsa kwana da kwanaki yana ramewa, sai ya sanar da malamin gida ko nas ta makaranta, a kai shi wurin likita, a kuma cire manhajar daga wayar.