Idan Takardar Cikon Kuɗin Kan Sarki Ta Zo Maka

Jama'ar Utai da kewaye, wannan 'yar takarda an rubuta ta ne domin mutumin da ya sayi fili ko sito, ko ya kama hayar shago, ya biya abin da aka ce ya biya, ya adana takardunsa a ƙasan akwati, sai bayan shekara ɗaya ko biyu aka aiko masa cewa kuɗin kan sarkin da ya biya bai cika ba. Da yawa in sun ga irin wannan takarda sai gabansu ya faɗi, su ɗauka ƙwace wurin za a yi. Waɗansu kuma su ninke ta su sa a aljihu, su ce ai gwamnati mantuwa gare ta. Duka biyun kuskure ne.

Da farko dai mu san abin da ake magana a kansa. Harajin kan sarki ba a kan filin yake ba, a kan takardar cinikin yake. Tun 1939, zamanin Turawa, aka kafa dokarsa a Nijeriya, kuma sunan ya samo asali daga kan sarkin da ake liƙawa a takarda a soke shi da sa hannu. Yau hatimi ne da rasit da takardar shaida, amma sunan bai sake ba. Mai saye shi ne ke biya, a haya kuma ɗan haya. In cinikin tsakanin mutum da mutum ne, kuɗin na jiha ne, wato Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Kano. In kuwa akwai kamfani a ɗaya ɓangaren, na tarayya ne, hukumar da aka sani da FIRS, wadda ta koma NRS daga farkon 2026. Riƙe wannan bambanci da kyau, don shi ne abu na farko da za ka duba a jikin takardar da aka aiko maka.

Misalin mai sito

A ce wani ɗan kasuwar hatsi ne mutumin Utai, ya sayi sito daga hannun wani kamfani a watan Maris na 2023. Sun daidaita a kan Naira miliyan 16. Amma ba duka ya ƙirga wa kamfanin ba. Miliyan 12 ya ba su, sauran miliyan 4 kuwa bashi ne da ake bin kamfanin a kan siton, shi ya ɗauki nauyin biya. Da aka zo buga kan sarki sai aka yi lissafi a kan miliyan 12 kaɗai, da yake su ne suka shiga hannun mai sayarwa. Harajin tarayya a kan takardar sayar da gida ko fili Naira 1 da kwabo 50 ne a kowace Naira 100, saboda haka ya biya Naira 180,000, ya karɓi rasit, ya yi hamdala.

Shekara biyu cif, ana duba littattafan kamfanin nan, sai aka ga miliyan 16 a rubuce. Aka aiko wa mai sito takarda. Ya ɗauko ta da yamma bayan la'asar, ya miƙa wa ɗan ƙanensa mai karatu a jami'ar Wudil.

“Kai yaro, duba min nan. Na biya mutanen nan, ga rasit, me kuma suke nema?”

Yaron ya karanta, ya sake karantawa, ya ɗauko yarjejeniyar ya bi ta da yatsa har ya kai shafi na biyu. Ya ce, “Baba, ba su ce ba ku biya ba. Cewa suka yi bashin nan da kuka ɗauka, shi ma kuɗin siton ne.”

Gaskiyar yaron ce. A wurin doka, duk abin da mai saye ya bayar ko ya ɗauka don wurin ya zama nasa, kuɗin ciniki ne, ko tsaba ne, ko bashi ne ya gada. In ka sayi sa a Karar Wudil ran Juma'a, ka ba mai shi rabi, rabin kuma ka biya wa wanda ke binsa, ai ba za ka ce da rabin kuɗi ka sayi san ba. To haka nan. Harajin miliyan 16 Naira 240,000 ne, an biya 180,000, saura 60,000. Wannan shi ne uwar kuɗin, kuma babu roƙon da ke sauke shi.

Abin da ke hawa kansa shi ne wurin da ya kamata mai karatu ya tsaya ya natsu. Tsohuwar doka ta ba da kwana 30 daga ranar sa hannu a buga wa irin wannan takarda cikakken kan sarki. In lokacin ya wuce akwai tarar Naira 20, wadda a da kuɗi ce, yanzu ko ƙosai ba ta saya. Sai kuɗin ruwa na kashi 10 cikin 100 a shekara a kan abin da ya rage, wanda ba ya wuce yawan uwar kuɗin kome daɗewa. A wurin mai sitonmu 6,000 ke nan a shekara, shekara biyu 12,000. Jimla ta zama Naira 72,020. Amma akwai wata tarar ta uku, daidai da yawan harajin da ba a biya ba, wato wata 60,000 ɗin, kuma ita dokar ta ɗaure ta da sharaɗi: ana ɗora ta ne in mutum bai kawo uzurin da ya gamsar da Kwamishinan Kan Sarki ba. Da ita lissafin ya kai Naira 132,020. Kun ga ke nan kusan rabin abin da aka nema ya rataya ne a kan wasiƙa guda, wadda mafi yawan mutane ba su san ana rubutawa ba.

Uzuri iri biyu ne, kuma ma'aikacin haraji ya san bambancinsu. Mai sitonmu bai ɓoye kome ba, maganar bashin tana nan a shafi na biyu na yarjejeniyar da ya kai aka buga wa hatimi. Kuskuren lissafi ne, takardar da kanta shaidarsa ce. Wanda kuwa suka haɗa baki da dillali suka rubuta takarda biyu, ta gaskiya a gida, ta ƙarya a ofis, wannan ba shi da bakin kawo uzuri, don doka ta wajabta a bayyana duk abin da ya shafi harajin a cikin takardar. Ni dai ban taɓa ganin ribar wannan dabara ba. Ran da rigima ta tashi, ƙaramin kuɗin da ka rubuta da hannunka shi za a karanta maka.

A haya, wa'adi ne ke yawan kawo gibi. Lokacin da aka yi ta cece-kuce a 2020 cewa za a karɓi kashi 6 cikin 100 daga 'yan haya, hukumar tarayya ta fito ta bayyana cewa mataki uku ne: kashi 0.78 in hayar ba ta wuce shekara 7 ba, kashi 3 daga nan zuwa shekara 21, kashi 6 in ta haura haka. Wanda ya kama shagon Naira 500,000 a shekara na tsawon shekara 10, aka yi masa lissafin gajeriyar haya, ya biya 3,900 a kan hayar shekara maimakon 15,000. Saura 11,100.

Yadda ake kashe maganar

Kada ka fara da biya, fara da dubawa. Wace hukuma ce ta aiko, kuma ita ce ke da hurumi? In da maƙwabcinka kuka yi ciniki, babu kamfani a ciki, takardar tarayya ba taka ba ce. Haka kuma in da kamfani ne ka kai kuɗin jiha, wannan rasit ba zai kare ka a gaban tarayya ba. Sannan ka ɗauki takardar ka je ofishin hukumar da ƙafarka a tabbatar maka daga can ta fito, don akwai masu yawo da takardun bogi, da lambar asusun kansu a ƙasa. Duk wanda ya ce ka ba shi a hannu ya rage maka, sallame shi.

In ta tabbata, tafi da asalin yarjejeniyar, da rasit na farko, da shaidar banki ta kuɗin da ka biya, da lambarka ta haraji. Nemi a nuna maka lissafin daki-daki: uwar kuɗi nawa, ruwa nawa, tara nawa, daga wace rana aka fara ƙirga. Ranar tana da muhimmanci ta wata fuskar ma. A watan Yuni na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, suka fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, suka maye gurbin tsohuwar dokar kan sarki, suka kuma sauke harajin daga kan ƙananan haya. Alƙaluman da muka yi lissafi da su a sama na cinikin da aka ƙulla kafin wannan rana ne. In naka ya zo bayanta, ka ce a nuna maka sashen sabuwar dokar da aka yi aiki da shi.

In ka ga lissafin daidai ne, rubuta wasiƙar uzurinka gajeriya, ka faɗi yadda kuskuren ya auku, ka ce a shirye kake ka cika, ka roƙi a sauke tara. In kuwa ba ka yarda da lissafin ba, to a rubuce ake ƙi, cikin kwana 30 daga ranar da takardar ta iso hannunka, ka faɗi dalili da adadin da kai ka yarda da shi. Maganar baki ba ta tsayar da kwanakin nan. Yi kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata. In an ƙi saurarenka akwai Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji, wadda ta shiyyarmu ke zama a Kaduna, amma a kan Naira 60,000 kuɗin mota da na lauya sai su cinye abin da ake jayayya a kai.

Biya kuwa ta banki ake yi, da lambar biyan da hukumar ta fitar maka, kamar RRR ta Remita, zuwa asusun gwamnati. Sai mataki na ƙarshe, wanda mutane ke mantawa: koma da rasit da asalin yarjejeniyar a buga mata shaidar cikon, ko a ba ka sabuwar takardar shaida mai ɗauke da cikakken adadin. Rasit a aljihu, takarda ba hatimi, aiki bai ƙare ba.

Mai tambaya zai ce, in na yi shiru fa? Cinikin bai ɓaci ba, dagaci da shaidu sun san wurin naka ne. Amma takardar da kan sarkinta bai cika ba kotu ba ta karɓarta shaida a shari'ar dukiya yadda take, rajistar ƙasa ba ta wucewa da ita, banki ma ba ya son ta jingina. Sau da yawa ba mai sayen ne ke gamuwa da wannan ba, magadansa ne, ranar da wani ya taso musu da da'awa, su buɗe akwati su tarar da takardar da ba za ta tsaya musu ba sai sun biya ciko da ruwa da tara.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in takardar nan tana gidanka, duba ranar da ta iso, ka ƙirga kwanakin da suka rage cikin 30 ɗin nan, ka tafi ofis kafin su cika.