Yadda ake haɗa bidiyon mako guda a zama ɗaya

A Sabon Birni da Isa, mai son sakin gajeren bidiyo kullum yana fama da abu biyu: caji da sabis. Mutanen yankin ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya saboda matsalar tsaro, har wasu suka koma neman sabis ɗin Nijar a bakin iyaka. Dabarar ita ce ka raba ɗauka da sakawa. Ɗauka ba ta buƙatar data, don haka ka gama ta mako guda a yini ɗaya.

Mu ɗauki mai shagon iri da maganin feshi, wanda masu sayen kayansa manoman albasa da shinkafa ne na fadamar gulbin Rima.

Da farko ya zauna da takarda, waya a aljihu, ya fitar da jigogi uku daga abin da ake tambayarsa a bakin shago. Na ɗaya koyarwa: yadda ake karanta ranar lalacewar magani a jikin kwalba, yadda ake gwada tsirowar iri a jiƙaƙƙen tsumma kafin shuka, yadda ake wanke injin feshi. Na biyu nuna kaya. Na uku amsa tambaya guda da wani manomi ya yi. Ga yadda ake gwada jigo: in ba ka iya rubuta batutuwa goma a ƙarƙashinsa nan take ba, zai ƙare maka kafin wata ya fita, ka canja shi.

Sai rabo. Kwana bakwai, koyarwa uku, kaya biyu, amsa biyu, kuma kada jigo ɗaya ya zo kwana biyu a jere. Ni na fi son koyarwa ta rinjaya, domin ita manomi ke tura wa ɗan'uwansa. Tallar kaya kuwa a sa ta jajibirin kasuwa, lokacin da mutum ke lissafin abin da zai sayo.

Kowane bidiyo layi uku ya ishe shi a takarda: kalmar buɗewa, abin da hannu zai nuna, kalmar rufewa. Na gwajin iri zai fara da: "Kafin ka zuba irin nan a gona, ƙirga ƙwaya ashirin." Sai a ga hannu yana jera su a tsumma. Sannan ya ce bayan 'yan kwanaki a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsiro. In sha shida suka fito, kashi 80 cikin ɗari ke nan. Wannan bidiyon yana son tsumma na biyu da aka jiƙa tun kwanakin baya, shi ya sa ake rubuta takarda tun kafin ranar ɗauka. Doguwar gaisuwa kuwa a rage ta, sallama ta wadatar, don mai kallo ba ya jira.

Ranar ɗauka, a cika waya da caji, a sa ta yanayin jirgi don kada kira ya yanke aiki. A tsayar da ita a tsaye, a zaɓi 1080p, ko 720p in wuri ya yi kaɗan. Da hantsi a inuwa, fuska na kallon haske. A ɗauka jigo-jigo, ba bisa jerin kwanaki ba: koyarwa uku a jere tun kayan suna shimfiɗe, sannan a juya wajen kanta. Bayan na farko, tsaya ka saurare shi. In ƙarar janareto ko iskar hunturu ta danne murya, gara ka gane yanzu da ka gane bayan na bakwai.

Kada ka faɗi farashi da baki. Kuɗin da ka ambata ranar Asabar yana iya tashi kafin Alhamis, mai saye ya zo yana riƙe da maganarka. Rubuta shi a ƙasan bidiyo ranar sakawa.

A yankin nan akwai abin da ya fi farashi nauyi, wato tsaro. Kafin ka ajiye kowane bidiyo, kalli bayanka a cikinsa: kada rumbu, garke, ƙofar gida ko fuskar mai saye su fito, kuma kada ka ce gobe za ka bi hanyar Shinkafi ko ta Goronyo. Jinkirin sakawa ma kariya ne, domin bidiyon da aka ɗauka kwana huɗu baya ba ya nuna inda kake yau.

Bayan gyara, fitar da kowanne zuwa ma'ajiyar hotunan waya, ka sa masa sunan ranarsa. Wanda ka bari a Drafts na TikTok yana cikin wayar ne kawai, in ka goge manhajar ya tafi. In kana da shafin Facebook, manhajar Meta Business Suite tana ba ka damar ɗora su duka ranar da sabis ya yi ƙarfi, ka sa wa kowanne rana da lokacin fita. Na WhatsApp kuwa da hannu za ka riƙa sakawa, kuma ka tsayar da kowanne ƙasa da minti ɗaya don ya hau ko sabis ya yi rauni.