Ruwa Kan Ruwa: Yadda Nake Koyar da Shi da Jadawali a Ajin Manya

Mutumin da bai yi nisa a boko ba, ba lallai ne ya jahilci lissafi ba. A ajin yaƙi da jahilci da nake koyarwa akwai mai sayar da hatsi da zai faɗa maka kuɗin kwano goma sha bakwai kafin ka gama laluben waya a aljihu. Amma shi ɗin ne za ka ce wa bashin naira dubu goma ya zama dubu talatin da ɗaya a shekara guda ba tare da an yi masa ƙarin ko sisi a ɓoye ba, ya ce sam, an dai cuce shi. Abin da ya shige masa duhu abu ɗaya ne: ruwan da ba a biya ba yana haɗewa da uwar kuɗi, shi ma a ɗora masa nasa ruwan. Wannan ba a fahimtar da shi da dogon bayani. Jadawali ake zanawa, kuma ɗalibai ne za su cike shi da hannunsu.

Kafin alli ya taɓa allo, sai an yi wata magana. Da ka ambaci kuɗin ruwa za a sami mai cewa, "Malam, ai haramun ne." Ba na jayayya, domin ba don a je a ci ruwa nake koyar da darasin ba. Abin da nake cewa shi ne, cikinmu akwai masu cin bashi a manhajar waya ko a hannun masu ba da rance, kuma wanda bai iya lissafin ba shi ne ya fi shan wuya a hannunsu.

Ba na farawa da "kashi goma cikin ɗari", domin kalmar kan sa rabin aji su yi shiru. Cewa nake yi, a kan kowace naira goma ana ɗora naira ɗaya duk wata. Daga nan sai dabarar da darasin gaba ɗaya ya dogara a kanta: in kana son sanin abin da za a ɗora, rufe lambar ƙarshe da yatsa. Ka rufe sifilin ƙarshe na 10,000, abin da ya rage 1,000 ne. Ka rufe na 11,000, ka ga 1,100. Nakan bar su su yi ta gwadawa har hannu ya saba. Tsofaffin da har yanzu da jaka suke ƙirga kuɗi kuwa, sai na fara ce musu jaka hamsin kafin dubu goma ta zauna musu.

Sannan mu zana gida huɗu. Misalin shi ne wani ya ci bashin dubu goma, kuma bai biya komai ba har wata shida.

| Wata | Bashi a farkon wata | Ruwan da aka ɗora | Bashi a ƙarshen wata |
|---|---|---|---|
| 1 | 10,000 | 1,000 | 11,000 |
| 2 | 11,000 | 1,100 | 12,100 |
| 3 | 12,100 | 1,210 | 13,310 |
| 4 | 13,310 | 1,331 | 14,641 |
| 5 | 14,641 | 1,464 | 16,105 |
| 6 | 16,105 | 1,610 | 17,715 |

Layin farko kaɗai nake cikewa. Daga shi sai in ja kibiya da jan alli daga 11,000 da ke ƙarshen layin, ta karkato ƙasa zuwa gidan bashin farkon wata na layi na biyu. Duk darasin yana cikin wannan kibiya: inda watan jiya ya tsaya, nan na yau zai tashi.

A layi na biyu ake yin tuntuɓe. Sai ka zagaya ka tarar da yawancin littattafai an rubuta 1,000 a gidan ruwa, an sami 12,000, saboda ido yana komawa kan kuɗin da aka karɓa tun farko. Ba na cewa an yi kuskure. Nakan tsaya kan mutum in tambaye shi, "Baba, yau da safe nawa ake bin mutumin nan?" Ya ce dubu sha ɗaya. "To rufe lambar ƙarshe." Sai ya ga 1,100, ya ɗago kai yana tambayar inda ɗarin ta fito. Ta fito ne daga dubu ɗayar da aka ɗora a watan da ya wuce. Wata dattijuwa mai kiwo ce ta taɓa warware wa aji zancen fiye da ni, da ta ce, "Wato 'yar akuyar ce ta girma, ita ma ta fara haihuwa." Tun daga ranar nake aron maganarta.

Kada malami ya tsaya a wata na biyu ko na uku. Bambancin naira ɗari ba ya tayar wa kowa da hankali, za ma a ce ai ba komai. Da ruwan bai hau kan ruwa ba, dubu ɗaya za a riƙa ɗorawa kowane wata, bashin ya zama 16,000 a wata na shida, ga shi kuwa jadawalinmu ya nuna 17,715. Masu saurin hannu nakan sa su ci gaba a gida. A wata na takwas kuɗin ya haura 21,000, wato ya ninka har da ɗoriya. A wata na goma sha biyu ya kusa 31,400, alhali na ɗaya tsarin 22,000 ne. Wanda ya gwada da na'urar lissafi zai ga saɓanin 'yan nairori kaɗan, don muna zubar da kwabbai duk sanda muka rufe lambar ƙarshe. Gara a faɗa musu tun da wuri, kada wani ya zaci ya ɓata aikinsa.

Gida na uku shi ne ma'aunin da nake so su tafi da shi. In aka nuna maka takardar bashi, bi gidan ruwa da yatsa daga sama zuwa ƙasa. In lamba ɗaya ce ke maimaituwa, a kan uwar kuɗi kawai ake ɗorawa. In kuwa tana ƙaruwa alhali ba ka ƙara karɓar ko kwabo ba, ruwa ne kan ruwa, ko kuma an haɗa da tarar jinkiri, kuma kana da haƙƙin tambaya wanne ne.

Akwai tambayar da kusan kowane aji sai an yi: to in yana biyan dubu ɗaya duk wata fa? Sai mu sake zana jadawalin da gida na biyar, na abin da aka biya. An ɗora 1,000, ya biya 1,000, an koma 10,000. Haka layi na biyu, haka na uku. Bayan shekara ya fitar da 12,000 daga aljihunsa, kuma har yanzu ana bin sa dubu gomar nan cif. A nan ne ajin ke kaurewa da salati, domin da yawa sun san wanda yake cikin wannan hali, wani ma shi ne. Bashin ba zai fara raguwa ba sai abin da ake biya ya wuce abin da ke gida na uku.

Sai kan gidan farko, inda muka rubuta "wata". Goge shi ka rubuta "shekara", lambobin ba za su canza ba, amma 17,715 ɗin sai bayan shekara shida za a kai ta. Mai ba da rance yakan ce "goma ne kawai" ya yi shiru, don haka nake sa su maimaita tambayar da baki har ta zauna: goma a mako, a wata, ko a shekara?

Wasu malamai kan juya jadawalin nan su ce haka jari ke bunƙasa in ana mayar da riba cikinsa. Lissafin ɗaya ne, amma ina taka-tsantsan da shi. Kasuwa ba ta ba da riba iri ɗaya kowane wata, kuma irin wannan jeri mai hawa ba sauka shi 'yan damfara ke nuna wa mutane. MMM ta yi wa 'yan Najeriya alkawarin talatin a kan kowace ɗari duk wata, kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Nakan sa aji su zuba wannan alkawari a gidajen nan huɗu. Dubu goma ta haura 230,000 a wata goma sha biyu, sai in tambayi mai sayar da hatsi ko akwai buhun da ya taɓa ba shi haka.