Yadda Za Ka Rubuta Wa Mai Sanyin Murya Saƙon Da Zai Fita Tar A Waya

A darasinmu na yau za mu duba wata matsala da duk mai naɗar murya da waya ya sani. Akwai mutanen da Allah ya yi su da sanyin murya, in sun yi magana a WhatsApp sai ka manna wayar a kunne kafin ka ji. Da yawa sukan ɗora wa makirufo laifi, su sayo sabo. Amma sau da yawa rabin gyaran yana kan takardar da aka ba mutum ya karanta.

Me ya sa ƙarshen magana yake ɓacewa?

Dalili na farko numfashi ne. Kowa yakan fara jimla da iska cike a ƙirji, ƙarfin yana raguwa har ta ƙare. Mai babbar murya yana da rarar da zai kai ƙarshe da ita, mai sanyin murya kuwa ba shi da wannan rarar.

Na biyu daga Hausar kanta yake. A jimlar Hausa ta ba da labari, sautin murya yana gangarowa ne kamar mai sauka daga bene. Iya tsawon jimla, iya yadda kalmar ƙarshe za ta yi ƙasa.

Na uku wayar ce. Wayoyi da manhajoji da yawa suna ƙoƙarin rage hayaniyar da ke kewaye da mai magana. Idan ƙarshen kalma ya yi rauni har ya kusa daidai da ƙarar fanka ko ta babur, ana iya share shi tare da hayaniyar.

Yanzu duba kalmomin nan biyu: "biyu" da "biyar". Farkonsu ɗaya ne, ƙarshen ne kaɗai ya raba su. Haka "Talata" da "talatin". In ƙarshen ya tafi, ma'anar ta tafi.

Misali daga Mairuwa

A ce yayarka ce sakatariyar wata ƙungiyar manoma a Mairuwa, cikin ƙaramar hukumar Faskari, kuma akwai 'yan ƙungiya har a Kankara da Sabuwa. Wanda ya ji rana ko lokaci ba daidai ba, kuɗin motarsa da yininsa sun tafi a banza. Ga abin da shugaba ya rubuto mata ta karanta:

"Ana sanar da dukkan 'yan ƙungiya cewa taron da aka shirya yi ranar Laraba a kan batun takin zamani ba za a yi shi a ranar ba saboda wasu dalilai, an ɗage shi zuwa ranar Asabar da ƙarfe biyar na yamma a makarantar firamare ta Mairuwa, kuma kowa ya zo da naira dubu biyu."

Kalma 54 ke nan a jimla ɗaya. A takarda babu laifi, amma a baki za ta tsaya neman numfashi a inda bai dace ba. Sabuwar ranar ba ta fito ba sai a kalma ta 36, lokacin da muryar ta riga ta faɗi. Kuɗin kuma ya zo a can ƙarshe, a kan "biyu", kalmar da ta fi kowace saurin rikiɗewa. Ga yadda za ka sake rubuta mata shi:

Assalamu alaikum, 'yan ƙungiya. //
Saƙo ne kan taron taki. //
An ɗage taron Laraba. //
Ya koma ranar Asabar / a garin Mairuwa. //
Za a yi shi / a makarantar firamare. //
Ƙarfe biyar ne, / bayan sallar la'asar. //
Naira dubu biyu / kowa zai kawo. //
Na maimaita: / Asabar, / ƙarfe biyar na yamma. //
Dubu biyu ne kuɗin. //
Allah ya kai mu. / Na gode. //

Sanda ɗaya tana nufin ta ɗan dakata ba tare da jan numfashi ba. Sanda biyu tana nufin ta tsaya, ta shaƙi iska, sannan ta shiga layi na gaba.

Abin da muka canja da dalilinsa

Yawan kalmomin kusan ɗaya ne, 56 a maimakon 54, amma yanzu layi goma ne, kuma babu wanda ya wuce kalma bakwai. Kowane layi numfashi ɗaya ne, don haka muryarta tana sake tashi daga sama har sau goma.

Babu lambar da ta zauna a ƙarshen layi. "Biyar" tana da "ne" a bayanta, "biyu" tana da "kowa zai kawo". In wani abu zai ɓace, kalmar da ba ta da nauyi ce. Mun kuma jingina lokacin da la'asar, domin wanda ya ji kamar "ƙarfe biyu" aka ce, da ya ji la'asar zai gyara da kansa.

Mun cire "ba za a yi shi a ranar ba", muka sa "an ɗage". Korewa a Hausa yawanci tana rataye ne a kan 'yar ƙaramar kalmar "ba", wadda mai sanyin murya yake saurin haɗiyewa. Fi'ili ɗaya mai ƙarfi ya fi aminci. Sallamar farko ma tana da aiki: tana ba mai saurare lokacin ƙara sautin wayarsa kafin a zo kan muhimmin abu.

Lokacin naɗa

Kada ka ce mata ta ɗaga murya, maƙogwaro zai shaƙe, maganar ta yi rawa. Makirufon za ka matso da shi. A yawancin wayoyi yana ƙasa ne, kusa da wurin caji. Riƙe shi kamar santimita 10 zuwa 15 daga baki. Duk lokacin da ka rage tazarar da rabi, ƙarfin sautin da ke shiga yakan kusa ninkawa, alhali hayaniyar nesa tana nan yadda take. Ka ɗan karkatar da wayar gefen baki don iskar "f" da "t" kada ta bugi makirufon. A kashe fanka, a shiga ɗaki mai katifa da labule.

Wannan saƙon ya kamata ya ci sakan 30 zuwa 40. In ta gama a sakan 20, ta tsallake sandunan. Ka tuna tun 2021 WhatsApp ya ba da damar sauraron saƙo da gudun 1.5x da 2x, kuma matasa da yawa haka suke saurare. Tsayawar da kake gani ta yi yawa ita ce za ta raba kalmomin a wannan gudun.

Gwaji kafin ka tura

Ja alamar makirufo sama don ka kulle naɗin, in ta gama ka dakatar, ka saurara kafin ka aika. Dubi zanen sautin: in kowane layi ya fara da tsawo ya ƙare kamar ɗigo, layin ya yi mata tsayi, raba shi biyu. Daga nan ka ajiye wayar nesa da kai kamar tsawon hannu, ka kunna wa wanda bai ga takardar ba, ka tambaye shi abu uku: wace rana, ƙarfe nawa, nawa ne kuɗin? Duk wanda ya yi jinkirin amsawa, wannan layin za ka sake rubutawa.