Gasar da Ba Ka Shiga Ba, Ba Ka Cin Ta

Kowace gasa ta gaskiya tana da rajista. Kafin a zaɓi wanda ya yi nasara, sai an tara sunayen waɗanda suka shiga, ko ta sayen kaya, ko cike takarda, ko aika lamba. Daga cikin waɗannan sunaye ake zaɓe. In ba ka yi ko ɗaya ba, sunanka ba ya ciki, kuma abin da ba a zuba a ƙwarya ba, ba a ɗebo shi daga cikinta. Saboda haka saƙon da ya ce ka ci gasar da ba ka san da ita ba, tun daga tushe ƙarya ne.

A ƙaddara saƙo ya shigo wayarka cewa ka ci naira 500,000. Ka kira lambar, sai a taya ka murna, a ce ka tura 5,000 kuɗin rajista. Ka tura, sai a ce saura 15,000 na haraji, kuma yau za a rufe. Idan ka biya, gobe wani dalili zai taso. Wasu kuma ba sa neman kuɗi, sai su ce ka karanto musu lambobin jikin katin ATM, da lambar sirrinka, da lambar da banki ya turo maka yanzu, wai don su saka maka kyautar. Da waɗannan lambobi ake cire kuɗi. Mai son turo maka kuɗi lambar asusunka da sunan bankinka sun ishe shi. Wannan damfara ce ake kira 419, daga sashe na 419 na dokar laifuffuka ta Najeriya, kuma hukumar EFCC tana gurfanar da masu yin ta.

Wani zai ce ai kamfanonin waya da bankuna suna yin garaɓasa, har mutum ya ci don kawai ya sa kati ko ya yi ajiya. Haka ne, shi ya sa ba mu ce kowane saƙo ƙarya ba ne. Amma irin wannan garaɓasa ana shelanta ta a rediyo da talabijin, kuma ba a cewa wanda ya ci ya fara biya. Tantancewa ba wuya. Kada ka kira lambar da ke cikin saƙon. Je ofishin kamfanin ko reshen bankin da ƙafarka ka tambaya.

Wani kuma zai ce ai sun ambaci cikakken sunansa. Sanin suna ba hujja ba ne, domin duk wanda ya rubuta lambar asusunka kamar zai tura maka kuɗi zai ga sunanka, kuma akwai manhajojin waya masu nuna sunan mai lamba. To in an ce 5,000 ba ta da yawa, bari a gwada fa? Da wannan tunani ɗan damfara yake cin abinci. Saƙo ɗaya yake watsa wa dubban mutane, in ashirin kacal suka gwada, ya tashi da 100,000. Wanda ya biya sau ɗaya kuwa, shi za a yi ta kira, don an gane yana biya.