Amsar Tambaya: Takardar Malam Za Ta Koma Turanci

Tambaya: Ni ɗan Hausawan Libreville ne. Malamina ya rubuta mini takardar shaida da Hausa don neman tallafin karatu na Chevening. Yaya zan fassara ta ba tare da ta bushe ba?

Amsa: Ɗana, fassara kai tsaye daga Hausa. In ka bi ta Faransanci, harshen hukuma a Gabon, rabin ɗumin zai zube a hanya.

Doguwar gaisuwar malam, ta iyali da gajiya, ka taƙaita ta zuwa layi ɗaya. Sakin layi na farko ya faɗi matsayin malam, da yadda ya san ka, da tun yaushe.

Wurin yabo ne aikin yake. In malam ya ce kana da kunya da ladabi, kai kuma ka fassara shi kalma da kalma, Bature zai ɗauka ba ka iya buɗe baki cikin mutane, alhali jagoranci Chevening ke nema. Koma wurinsa ya kawo misali, kamar ranar da ka riƙe aji ba ya nan. "Yarona" ya zama "ɗalibina". Addu'ar ƙarshe ta zama jimla ɗaya ta fatan alheri.

Kada ka ƙara yabon da bai yi ba. Karanta masa fassarar kafin ya sa hannu.