Yadda Za Ka Daidaita Manhajar Windows Da Sikirin Biyu Masu Ma'auni Daban

Akwai wata ƙaramar manhaja da na rubuta wa wani dillalin shinkafa da riɗi a nan Haɗeja. Aikinta shi ne lissafa buhunan da manoma suka kawo daga fadama, da nauyinsu, da kuɗin da za a biya kowa. Yaron shago yana shigar da bayani a laftof, sannan akwai tsohuwar monita da aka juya tana kallon manomi domin ya ga lissafinsa da idonsa. Wata rana aka kira ni cewa an kusa rigima a shagon: kuɗin wani mutumin Auyo ya kama naira 1,250,000, amma abin da ya gani a monita 250,000 ne. Lissafin daidai yake a ciki. Zanen ne ya cinye miliyan ɗaya.

Na yi amfani da C# da WinForms, don haka misalan da ke ƙasa nasu ne, amma tushen matsalar ɗaya ne ko da me ka rubuta manhajarka.

Fiksil ba shi da tsayayyen girma

Laftof ɗin shagon inci 14 ce, mai fiksil 1920 a faɗi da 1080 a tsaye. In ka lissafa, kowane inci yana ɗauke da fiksil kusan 157. Monitar kuwa inci 18.5 ce mai 1366 da 768, wato fiksil kusan 85 a inci. Ke nan madanni mai faɗin fiksil 100 ya wuce inci guda a monita, amma a laftof bai kai kashi biyu cikin uku na inci ba. Shi ya sa Windows take ba kowane sikirin nasa ma'aunin. Ta ɗauki DPI 96 a matsayin 100%, 120 shi ne 125%, 144 shi ne 150%, 192 kuma 200%. A shagon, laftof tana kan 150%, monita tana kan 100%. Za ka ga naka a Settings > System > Display, wajen Scale.

Abin tambaya shi ne, wa zai ƙara girman abubuwan da ke cikin taga? Windows ko manhajarka? Amsar ta danganta da abin da manhajar ta faɗa wa Windows game da kanta lokacin da ta tashi.

Idan ba ta ce komai ba, Windows tana ɗaukarta a matsayin wadda ba ta san DPI ba. Sai ta bar ta ta zana komai a kan 96, sannan ta miƙa hoton tagar kamar yadda ake jan roba. Babu abin da zai karkace, amma rubutu zai yi dishi-dishi. Gare mu masu rubuta Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ 'yan fiksil kaɗan ce, in ta narke sai ido ya kasa raba ƙasa da kasa. Mataki na biyu shi ne manhaja ta karanta DPI na babban sikirin sau ɗaya, ta riƙe shi har a rufe ta. Wannan yana fitowa tas a babban sikirin, amma da ka ja tagar zuwa na biyu sai Windows ta koma miƙa hoto ko matse shi. Mataki na uku, wanda ya fara da Windows 8.1 a 2013, shi ne manhaja ta bi DPI na duk sikirin da take kai. An inganta shi a Windows 10 sigar 1703 a 2017 da sunan Per-Monitor V2, kuma shi ne abin da ya kamata mai sikirin biyu ya nema.

Ba sai ka yi canki-canka ba. Buɗe Task Manager, shiga Details, danna dama a kan kanun ginshiƙai, zaɓi Select columns, ka sa alama a DPI Awareness. Nan za ka ga matakin da kowace manhaja take.

Inda na yi kuskure

Tun farko manhajata ba ta san DPI ba, sai yaron shago ya yi ƙorafin rubutu ba ya fita. Na ga gyaran layi ɗaya ne, na ƙara shi a farkon Main:

```csharp
Application.SetHighDpiMode(HighDpiMode.PerMonitorV2);
```

Wannan yana aiki daga .NET Core 3.0 zuwa sama, kuma dole ya zo kafin a ƙirƙiri ko wace taga, in ba haka ba ba zai yi tasiri ba. Masu .NET Framework 4.7 ko 4.8 a fayil ɗin app.config suke kunna shi. Rubutu ya fito tas, na rufe kwamfuta na tafi gida ina ganin na gama.

Abin da ban lura ba shi ne, wannan layi alkawari ne. Ka ce wa Windows ta cire hannunta, kai za ka kula da girman komai. Madannai da akwatunan rubutu na WinForms sun daidaita kansu, saboda AutoScaleMode na fom ɗin yana kan Dpi. Amma teburin da manomi yake kallo ni na zana shi da hannuna a cikin OnPaint, kuma na rubuta faɗin ginshiƙin kuɗi 80 kai tsaye, tsayin layi 24.

Ga yadda miliyan ɗin ta ɓace. Rubutun Segoe UI ne mai maki 12. A DPI 96, maki 12 fiksil 16 ne, kuma 1,250,000 yana cin fiksil kusan 67, ya shiga cikin 80 har da rara. Na ƙirƙiri rubutun sau ɗaya a farkon manhaja, sai aka auna shi da DPI na babban sikirin, wato 144. Ya zama fiksil 24, kuma haka ya tsaya a duka sikirin biyu, tunda fom bai san da shi ba balle ya canza shi. Faɗin lambar ya koma kusan 101, ginshiƙi kuwa yana nan a 80. Da yake na jera kuɗi ta dama, rarar fiksil 21 ta hagu aka yanke. Lamba 1 da waƙafinta suna cin kusan 18. Abin da ya rage 250,000 ne cif, ba tare da wata alamar da za ta sa mutum ya yi zargi ba. Ban gano a gwaji ba saboda duk misalan da na gwada ba su kai miliyan ba. Akwai alamar da ya kamata ta farkar da ni, wato wutsiyar y da g da take guntulewa a ginshiƙin sunaye, amma na ɗauke ta ƙaramin abu.

Gyaran

Ka'idar ita ce duk lambar girma da ka rubuta ka ɗauke ta a matsayin ma'aunin 96, kuma kada ta isa wajen zane sai an ninka ta da DPI na sikirin da tagar take kai a wannan lokacin. Rubutun ma na daina ba shi maki, na koma ba shi fiksil da na lissafa da kaina:

```csharp
int S(int n) => (int)Math.Round(n * DeviceDpi / 96.0);

void SakeAwo()
{
    rubutu?.Dispose();
    rubutu = new Font("Segoe UI", S(16), GraphicsUnit.Pixel);
    tsayinLayi = S(24);
    fadinKudi = TextRenderer.MeasureText("99,999,999", rubutu).Width + S(8);
    Invalidate();
}
```

A monita S(24) yana ba da 24, a laftof 36. Ka lura ban ce S(80) ga ginshiƙin kuɗi ba. Da ya yi aiki a ranar, amma ranar da lissafi ya kai miliyan ɗari sai mu koma gidan jiya. Gara a auna lamba mafi tsawo da ake tsammani, a bar rubutun ya faɗi faɗin da yake buƙata. A ganina duk inda kuɗi ko nauyi zai bayyana haka ya kamata a yi.

Saura yaushe za a kira SakeAwo. Sau ɗaya a OnHandleCreated, sannan duk lokacin da DPI ya canza. Idan taga ta ƙetara zuwa wani sikirin, Windows tana aika mata saƙon WM_DPICHANGED ɗauke da sabon DPI da girman da ta ba da shawara. WinForms tana karɓar saƙon, ita kuma ta sanar da abubuwan da ke cikin fom:

```csharp
protected override void OnDpiChangedAfterParent(EventArgs e)
{
    base.OnDpiChangedAfterParent(e);
    SakeAwo();
}
```

Akwai tarko a nan da na ga mutane da yawa suna faɗawa: ninka girman da ake da shi yanzu maimakon komawa lambar asali. Ɗauki 25. Ka ninka da 1.5 ka zubar da guntu, ka samu 37. Ka dawo monita ka raba da 1.5, ka samu 24. Fiksil ɗaya ya tafi. In kuma aka kira aikin sau biyu a canji ɗaya, 80 ya zama 120, ya zama 180. Aikin S ba ya da wannan matsala domin kullum daga lambar asali yake farawa, ko sau goma ka kira shi amsa ɗaya ce.

Hotuna ba sa bin wannan lissafi da kansu. Alama mai fiksil 32 tana buƙatar 48 a 150% da 64 a 200%. Ka ajiye babbar ka riƙa rage ta, ya fi ka ja ƙaramar.

Yadda za ka gwada

Taga ba ta da DPI biyu a lokaci guda. Idan ta raba ƙafa tsakanin sikirin biyu, tana bin wanda mafi yawan jikinta yake kai, don haka za ka ga ɓangaren da ya leƙa ɗaya sikirin ya yi girma ko ƙanƙanta. Wannan ba kuskure ba ne. Kuskure shi ne ka ga tana tsalle tsakanin girma biyu a kan iyaka, wanda yakan faru idan ka sa mata girman kanka a lokacin canji maimakon wanda Windows ta ba da shawara.

Ja tagar ka kai ka dawo sau goma, ka duba ko wani abu ya motsa daga inda yake. Mai da monita babban sikirin, fita daga asusunka ka sake shiga, ka maimaita, domin kuskure irin nawa yana ɓuya idan babban sikirin yana kan 100%. Gwada 125% da 175%, a nan ne guntayen lissafi suke fitowa. Cika kowane ginshiƙi da suna mafi tsawo da lamba mafi girma.

Gwaji na ƙarshe yanayinmu ne ya koya mini shi. In an ɗauke wuta monita tana mutuwa, laftof tana ci gaba da batir, kuma sau da yawa Windows takan kwaso tagogin ta dawo da su laftof. Wato DPI zai canza ba tare da kowa ya taɓa linzami ba, a tsakiyar ciniki, ya sake canzawa idan an tada janareta. Zare wayar monita manhaja tana buɗe, ka mayar, ka gani. Idan kana ajiye wurin da taga ta tsaya domin buɗewa ta gaba, duba shi da Screen.AllScreens kafin ka yi amfani da shi, kada ta buɗe a sikirin da babu shi.

Wanda kuma yake fama da manhajar da ba shi ya rubuta ba, akwai ɗan sauƙi. Danna dama a kan fayil ɗinta, Properties > Compatibility > Change high DPI settings, sa alama a Override high DPI scaling behavior, ka zaɓi System ko System (Enhanced). Na farko yana mayar da ita ga miƙa hoto, dishi-dishi amma komai a wurinsa. Na biyu yana ƙoƙarin fito da rubutu tas, sai dai tsofaffin manhajoji masu zane da GDI kawai yake taimaka wa, kuma hotunan cikinsu suna nan da dishi-dishinsu.